Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Saƙon Lantarki Ke Tashi a Jijiyar Saƙo

Wani mai sauraro ya tambayi yadda saƙon lantarki ke tashi a ƙwayar jijiyar saƙo, da dalilin da ya sa take ɗan hutawa bayansa.

Idan ƙwayar tana hutawa, cikinta yana ƙasa da wajenta da kimanin milibolt 70, kuma sinadarin sodiyam ya fi yawa a waje, fotasiyam kuwa a ciki. Da zarar an tsokane ta har ratar ta ragu zuwa kimanin milibolt 55, sai ƙofofin sodiyam, wato ƙananan kafofin da ke fatarta, su buɗe, sodiyam ya kwararo ciki har cikin ya zarce wajen da kimanin milibolt 30. Daga nan sai su toshe kansu, ƙofofin fotasiyam masu jinkirin buɗewa su fitar da fotasiyam, ratar ta dawo.

Dalilin hutun kuwa shi ne, ƙofar sodiyam da ta toshe ba ta sake buɗewa sai ratar ta dawo, saboda haka na kusan millisakan ɗaya ko biyu babu tsokanar da za ta tayar da sabon saƙo. Bayan haka ma sai tsokana mai ƙarfi, domin fotasiyam yana ci gaba da fita. Wannan ne ke hana saƙon komawa baya, yake kuma iyakance yawan saƙonni a daƙiƙa guda.