Tsarin Zama da Rajistar Halarta a Zauren Jarrabawa

Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu ɗaliban harshe koyarwa za mu kama bayan kammala karatu, kuma duk malami sai ya yi aikin sa ido a jarrabawa. Wannan muƙala za ta duba yadda ake zaunar da azuzuwa da dama a zaure guda, da yadda rajista ke hana ɓatan takardar amsa.

Tsarin Zama

Mu ƙaddara wata ƙaramar sakandare ce a Mairi, maƙwabciyar Jami'ar Maiduguri. Zaurenta na da layi 10, kowane layi da kujera 6, wato kujera 60. Ajin A na da ɗalibai 24, ajin B 20, ajin C kuwa 16, kuma kowane aji da tambayoyinsa. Abin da ake nema shi ne kada 'yan aji ɗaya su zauna kafaɗa da kafaɗa.

Da farko sai a rubuta lamba 1 zuwa 60 da alli a kan tebura. A jera layin farko A, B, C, A, B, C, na biyu ya fara da B, na uku da C, na huɗu ya koma A. Ta haka na gefen ɗalibi da na gabansa da na bayansa duk 'yan wani aji ne. Sai dai wanda ke gabansa ta kusurwar dama ɗan ajinsu ne, don haka nan mai sa ido zai fi lura.

Wannan tsari kujera 20 yake ba kowane aji, saboda haka ɗalibai 4 na ajin A za su rasa wuri. Kada a cusa su a kujeru 4 da C ya bari, domin kusan kowacce na maƙwabtaka da ɗan A. Gara a ajiye masu tebura daban a gaba, a ware su da juna.

Rajistar Halarta

Kowane aji da takardarsa, mai ɗauke da suna da lambar ɗalibi da lambar kujera da gurbin sa hannu. Malami ne zai zagaya da ita bayan an fara rubutu. Wanda bai zo ba a rubuta haka a gaban sunansa, a bar kujerarsa ba kowa.

Kafin a sallami ɗalibai sai a yi ƙirga. Idan mutum 23 suka sa hannu a ajin A amma takardun amsa 22 ne, a duba cikin na B da C, don sau da yawa can take shigewa. In ba ta nan, wani bai miƙa ba, kuma rajista za ta nuna kujerarsa. In kuwa takardu sun fi sa hannu yawa, galibi wani makararre ne aka tsallake.

Kammalawa

Gyaran duka biyun sai ɗalibai na zaune yake yiwuwa. Da zarar sun watse, wanda takardarsa ta ɓata sa hannun nan ne kaɗai shaidarsa.