Idan Filtar Mai Ta Ƙi Kwancewa

Filtar baƙin mai irin ta gwangwani, wadda ake gani a jikin Golf 3 da tsofaffin Corolla, da hannu ake ɗaure ta. Ana shafa ɗan mai a zoben robarta, a murɗa har robar ta taɓa jikin inji, sannan a ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye ɗaya. Amma yaran gareji da yawa, don tsoron yoyo, sai su sa sifana su tamke ta. Zafin inji ya gasa robar ta manne, ranar juye kuma a sha wahala.

Abin da ya kamata bakanike ya fara ɗauka shi ne sifana mai ɗamara, wadda ke ƙara shaƙe gwangwanin gwargwadon yadda aka ja ta. Zai bar inji ya huce har hannu ya iya taɓa shi, ya goge maiƙon jikin filtar sarai, sannan ya ɗora ɗamarar can gindi, dab da inji, domin nan ne ƙarfen ya fi ƙwari. Wanda ya kama tsakiya, gwangwanin lotsewa zai yi. Hagu ake juyawa, wato saɓanin tafiyar hannun agogo idan mutum yana fuskantar filtar, kuma da ja mai ɗorewa, ba fizga ba. In ɗamarar tana zamewa, guntun samfefa a ƙarƙashinta yakan sa ta kama.

Huda ta da sukundireba kuwa dabarar ƙarshe ce, don da zarar an huda, motar ba ta sake tashi sai an sa sabuwa. Saboda haka a tanadi sabuwar tukuna, a kuma tara kwano a ƙasa. Ana buga dogon sukundireba da guduma har ya ɓullo ɗaya gefen, nesa da gindi kaɗan don kada ya sami bututun inji mai zare da filtar ke ɗaure a kai. Sai a ja hannunsa hagu a hankali.

Matsalar ita ce gwangwanin siriri ne. Sau da yawa yagewa yake yi, ya bar faifan gindi a manne da bakin ƙarfe mai yankan hannu. Nan sai a sa kurfi a ɗaya daga cikin ramukan faifan, a riƙa bugawa hagu kaɗan-kaɗan, ba tare da an karce mazaunin robar ba.

Bayan ta fita, a duba ko tsohuwar robar ta biyo ta. In ta maƙale aka ɗora sabuwa a kai, mai zai yi tsartuwa da an tada inji.

Masu Corolla ƙirar 2009 da makamantanta su lura: tasu galibi filtar takarda ce a cikin murfi mai sifanarsa ta musamman, kuma murfin nan ba a huda shi.