Idan An Kashe Sautin Bidiyonka Saboda Waƙar Wani

A ce ka yi hira da masunta a bakin kogin Matan Fada a Argungu, ka haɗa bidiyon a CapCut, ka sa waƙar wani mawaƙi a ƙarƙashin maganarsu. Kana ɗorawa a Facebook sai bidiyon ya zama bebe. Dalili shi ne waƙar tana da mai ita, kuma manhajar ta gane ta, sai ta kashe sautin har da muryar masuntan.

Rage ƙarar waƙar ba ya magani, domin ko tana ƙasa-ƙasa ana iya gane ta. Ka koma aikinka na asali a CapCut. Muryar masunta tana tare da bidiyon, waƙar kuma tana layinta daban. Goge layin waƙar kaɗai. A madadinta ɗauko kiɗa daga Sound Collection na Facebook, ko ka ɗauki ɗan ajinku yana kaɗa kalangu, wanda ni ya fi mini daɗi. Rage ƙarar kiɗan daga 100 zuwa kamar 15, sannan ka sake ɗorawa.

Wahalar tana zuwa ne idan lasifikar wani shago ce ke waƙar lokacin hirar, domin murya da waƙa sun riga sun cakuɗe. A YouTube Studio akwai Erase song da ke ƙoƙarin cire waƙar ya bar magana. Bayan ya gama, ka saurara da kyau. In ka ji muryar kamar daga cikin ruwa take fitowa, yanke wannan wurin, ka karanta abin da masuncin ya faɗa da muryarka.