Gefen Da Ka Shata Da Gefen Da Hali Ya Tsayar Da Kai

Ɗana, na karanta babi na ɗaya na kundinka kan yadda rashin tsaro ya taɓa noman masara a Birnin Gwari. Aiki ya yi kyau, sai dai wuri guda. Ka rubuta cewa ka taƙaita binciken ga mazaɓu uku na Magajin Gari. To, kai ka zaɓi hakan, ko hanya ce ta hana ka?

Ga yadda za ka gane. Ka tambayi kanka: da hanya lafiya lau, da kuɗi a aljihu, zan bar wannan abu? In ka ce i, iyaka ce da ka shata da hannunka. Ka ɗauki masara ka bar shinkafa, ka ɗauki manoma ka bar makiyaya, ka tsaya tsakanin 2019 da 2024. Waɗannan shingen gonarka ne, wurinsu farfajiyar bincike, kowanne da dalilinsa a jimla ɗaya. Ba a ba da haƙuri a kansu.

Amma ƙaramar hukumar mazaɓu 11 gare ta, kuma taken kundinka ya ɗauke ta duka. Ka so zuwa Kuyello da Dogon Dawa da Randagi, hali bai yi ba. Wannan naƙasu ne, kuma sa masa rigar zaɓi ɓoye gaskiya ne, ko da ba da niyya ba. Ranar kare kundi, tambaya ɗaya za ta tona shi.

Faɗin naƙasun kaɗai ma bai isa ba, sai ka nuna inda ya karkatar da sakamako. Rubuta kamar haka: "Ba a samu shiga mazaɓun da ke nesa da gari ba, don haka aka tattauna da mutanensu da suka yi hijira zuwa cikin gari. Da yake yawanci wanda ya fi tafka asara shi ke tashi, mai yiwuwa asarar da aka samu daga bakinsu ta zarce ta waɗanda suka zauna." Haka batun kuɗin da ake biyan 'yan bindiga kafin a yi girbi. Manomi ba zai saki baki ga baƙo mai takarda ba, yana tsoron kada maganar ta koma daji. Saboda haka ka ce adadin da ka samu mafi ƙaranci ne, ba na tsakiya ba. Ka kuma ambata cewa amfanin 2019 daga ka aka faɗa maka shi, ba daga rubutu ba.

Ita kuwa jimlar nan ta "ƙarancin kuɗi da lokaci", goge ta, sai fa in za ka faɗi ƙauyen da ta hana ka zuwa.

Ka gyara ka kawo mini kafin mai duba aikinka ya gani. Allah ya yi jagora.