Yadda ake auna shiyyoyin kariyar nisa a layin Kainji zuwa Birnin Kebbi

Kariyar nisa hanya ce ta gano inda shot ya auku a kan babban layin lantarki, wato inda waya ta haɗu da waya ko ta taɓa ƙasa, sannan a katse wannan layin shi kaɗai kafin ɓarna ta yaɗu. Na'urar da ke wannan aiki, rile, tana zaune a tasha a bakin layin, kuma abu biyu kawai take aunawa: bolt ɗin da ke kan waya da amfiyan da ke bi ta cikinta. Idan ta raba na farko da na biyu sai ta sami turjiyar layin daga inda take zuwa inda shot ɗin yake, a ma'aunin om. Tun da kowace kilomita ta waya tana da turjiya kusan iri ɗaya, wannan adadi shi ne nisa. Turjiya kaɗan na nufin shot yana kusa, mai yawa na nufin yana nesa ko kuma babu shi sam.

Wutar da ake sha a Jega da Aliero da Maiyama tana zuwa ne ta layukan kilobolt 33, waɗanda galibi rile mai auna yawan amfiya ke tsaronsu. Amma tushenta shi ne layin kilobolt 330 na kamfanin TCN da ya taso daga Kainji zuwa Birnin Kebbi, mai tsawon kilomita kusan 310. Daga Birnin Kebbi ne layukan kilobolt 132 suke fita zuwa Sakkwato da kuma Yamai a Jamhuriyar Nijar. A irin wannan dogon layi kariyar nisa ita ce babbar kariya, kuma kuskure ɗaya a saitinta na iya jefa Kebbi da Sakkwato cikin duhu lokaci guda. Alƙaluman da za a yi lissafi da su a nan na misali ne, an zaɓe su kusa da abin da aka saba gani a layi mai wannan girma. Na ainihi suna fitowa ne daga gwajin layin kansa.

A ɗauka turjiyar layin om 0.33 ce a kowace kilomita. Kilomita 310 za su ba da om 102, a taƙaita shi zuwa 100. Shiyya ta ɗaya, wadda ake gani a fuskar rile da sunan Z1, ita ce ke katse bireka nan take ba tare da jira ba. Ba a taɓa saita ta a kan tsawon layin duka. Ana tsayar da ita a kashi 80 cikin ɗari, wasu su kai 85, wato a nan om 80, kimanin kilomita 248 daga Kainji. Dalilin shi ne awon ba ya rasa kuskure. Na'urorin CT da VT, waɗanda ke rage amfiya da bolt zuwa abin da rile za ta iya karɓa, suna da nasu kuskuren, wanda yake ƙaruwa a lokacin shot mai ƙarfi. Turjiyar layin ma an lissafa ta ne daga girman waya da tazarar da ke tsakanin wayoyi, kuma lissafin yakan kauce da 'yan kashi. Idan waɗannan suka taru wuri ɗaya, rile da aka saita a om 100 cif za ta iya ɗaukar shot da ya auku a cikin tashar Birnin Kebbi a matsayin nata, ta katse layin gaba ɗaya a kan abin da bireka ɗaya a can zai iya magancewa.

Rile ba ta ganin om 80 ɗin kai tsaye, sai abin da CT da VT suka miƙa mata. Idan CT ɗin 1200 ne zuwa 1, VT kuma bolt 330,000 zuwa 110, wato 3000 zuwa 1, ana mayar da adadin haka:

```
Zsec = Zpri × (CT ÷ VT) = 80 × (1200 ÷ 3000) = 32 Ω
```

Om 32 ne za a shigar. Wannan mataki mai sauƙi shi ne inda ake yawan tuntuɓe, domin idan aka sauya CT aka manta da saiti, duk shiyyoyin sun tsawaita ko sun gajarta ba tare da an taɓa rile ba.

Sauran kilomita 62 na ƙarshen layi aikin shiyya ta biyu ne. Dole ta rufe layin duka har da rarar da za ta cinye kuskuren awo, don haka mafi ƙarancin saitinta kashi 120 ne, om 120 ke nan. Da yake ta leƙa bayan tashar gaba, ana ba ta jira na kusan sakan 0.3 zuwa 0.5, domin kariyar da ke can ta fara yin nata aikin. A ƙa'idar da aka saba, ba a barin ta wuce rabin layi mafi gajarta da ke fita daga tashar gaba, don kada ta ci karo da shiyya ta biyu ta wancan layin su katse tare. Inda akwai hanyar sadarwa tsakanin tasoshin biyu, ta waya mai ɗauke da haske ko ta kan wayar wutar kanta, rile ta wancan ƙarshe kan aiko da sigina a cire jiran, a katse nan take.

A Birnin Kebbi abin da ke bayan tashar taransifomomi ne masu sauke wuta daga 330 zuwa 132, kuma a nan ne lissafin yake buƙatar natsuwa. Taransifoma mai ƙarfin MVA 150 da turjiya kashi 12 cikin ɗari, idan aka dube ta daga ɓangaren 330, tana daidai da om 87. Rarar shiyya ta biyu om 20 ce kacal, don haka ba za ta ratsa ta ba. Sai dai idan taransifomomi biyu irin wannan suna aiki kafaɗa da kafaɗa, turjiyarsu ta koma om 44. Uku su ba da 29, huɗu su ba da 22, wanda ya kusa taɓa om 20 ɗin. Ma'ana, duk lokacin da aka ƙara taransifoma a tasha, ɓangaren 132 yana matsowa kusa a idon rile da ke Kainji, alhali ba a ƙara ko taku ɗaya a tsawon layi ba. Shi ya sa ake yin wannan lissafi da mafi yawan taransifomomin da za su iya kasancewa a kunne tare, ba da waɗanda ke aiki ranar da aka yi saitin ba.

Shiyya ta uku ajiya ce: tana jira kusan sakan ɗaya, ta katse idan kariyar tashar gaba ta gaza, misali batirin tasha ya mutu ko bireka ya ƙi buɗewa. Idan ana so ta ga shot a kan sandunan 132 na Birnin Kebbi da taransifomomi biyu a kunne, dole ta wuce om 144. A ce an sa ta a 160. Ba za ta yi nisa cikin layin Sakkwato ba, domin kowane om a ɓangaren 132 yana bayyana ninki 6.25 a ɓangaren 330. Layin da ke da om 0.4 a kilomita zai zama 2.5, kuma rarar om 16 za ta ƙare a kilomita shida da ɗoriya. Wanda ya yi tunanin miƙa ta har Sakkwato zai buƙaci ɗaruruwan om, kuma a nan zai haɗu da babban haɗari, wato lodi.

Rile ba ta san bambancin shot da lodi mai nauyi ba sai ta hanyar lissafi. Idan bolt ya sauka zuwa kilobolt 297, kashi 90 na yadda ya kamata, layin kuma yana ɗauke da amfiya 1000, turjiyar da rile ke gani om 171 ce, dab da 160. Abin da ke raba su kusurwa ce. Turjiyar layi tana kusan digiri 84, ta lodi kuwa ba ta cika wuce digiri 30 ba. Shiyya mai siffar da'ira da ta kai om 160 a kusurwar layi, om 94 kawai take kaiwa a digiri 30, saboda haka lodin yana waje da tazara mai kyau. Da an faɗaɗa da'irar zuwa om 300, da lodin ya shiga cikinta, rile ta katse lafiyayyen layi a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Haka ya faru a Ohayo ta Amurka ranar 14 ga Agusta 2003, inda shiyya ta uku ta katse layin Sammis zuwa Star saboda lodi, aka shiga jerin katsewar da ta bar mutum kusan miliyan 50 babu wuta a Amurka da Kanada.

Shot tsakanin waya da ƙasa, wanda shi ya fi yawa, yana da nasa gyaran. Wutar da ke komawa ta cikin ƙasa tana haɗuwa da turjiya dabam, Z0, wadda takan ninka ta waya, Z1, kusan sau uku. Rile tana gyara awonta da wannan:

```
k0 = (Z0 − Z1) ÷ (3 × Z1)
```

A nan Z1 turjiyar layin ce, ba sunan shiyya ba. Idan Z0 ta ninka ta sau uku, k0 zai zama 0.67. Matsalar ita ce Z0 ta dogara da irin ƙasar da layin ya ratsa, kuma ƙasar fadamar Neja ba ɗaya take da jigawa a tsakiyar rani ba. Idan an sa k0 ƙasa da na gaskiya, rile za ta ga shot nesa da inda yake, shiyya ta ɗaya ta gajarta. Shot da ya bi ta reshen bishiya ko ta harshen wutar daji yana ƙara tasa turjiyar, ya tura awon gefe har ya fita daga da'ira. Saboda haka ne ake fifita shiyya mai kusurwa huɗu a kariyar ƙasa, domin ana iya faɗaɗa gefenta dabam ba tare da ƙara mata nisa ba.

Bayanan da rile ke ajiyewa bayan kowace katsewa su ne ke nuna ko saitin daidai yake. Idan masu sintiri suka tarar da shot a kilomita 200 amma rile ta katse da shiyya ta biyu bayan jira, shiyya ta ɗaya ta gajarta, kuma k0 ko adadin CT ake fara dubawa. Idan bireka a Kainji ya buɗe tare da na layin 132 a kan shot ɗaya, wata shiyya ta zarce iyakarta ko jiranta ya yi kaɗan. Idan kuwa an katse da shiyya ta uku, amfiyan wayoyi uku daidai wa daida, kuma ba a ga komai a kan layi ba, lodi ne.

Akwai kuma shirin haɗa Birnin Kebbi da Yamai da Wagadugu da layin kilobolt 330, ƙarƙashin tsarin haɗa lantarkin Afirka ta Yamma. Da zarar wuta ta iya shigowa Birnin Kebbi daga wata hanya, amfiyan da ke zubowa daga can zuwa wurin shot za su sa rile ta Kainji ta ga shot ɗin da ke bayan tashar nesa da inda yake, shiyya ta biyu da ta uku su gajarta. Dole a sake lissafa su biyun kafin a kunna sabon layin.