Yadda Ake Haɗa Sifika da Amfilifaya a Mota

Mai mota a unguwar Bagadaza ta Gombe da ya je wurin mai wayarin don a gyara masa sauti yakan fara da tambayar wat nawa ne a jikin kwali. Wannan babbar lambar ta talla ce. Wadda za a duba ita ce mai alamar RMS, wato ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa ba tare da yankewa ba. A ganina, sauti mai kyau yana fitowa ne daga dacewar sifika da amfilifaya, da kuma kaurin wayar da ke kai wuta.

A ce an sayi sifika huɗu, kowace mai om 4 da wat 75. Sai a nemi amfilifaya mai hanya huɗu da ke ba kowace hanya wat 75 a kan om 4, jimilla wat 300. Amfilifaya irin ta ajin AB tana ɓatar da kusan kashi 40 cikin ɗari na wutar da ta ja a matsayin zafi, don haka za ta nemi wajen wat 500. Idan aka raba wannan da bolt 14 da mota ke bayarwa in inji na aiki, za a samu amfiya 36. Wannan lissafi shi ke nuna a sa fis mai amfiya 40 da wayar jan ƙarfe mai lamba 8. Wani zai ce wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe ta fi araha. Gaskiya ne, amma ba ta ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe zalla, kuma a zafin Gombe na Maris da Afrilu, amfilifayar da ke cikin but ba ta bukatar ƙarin wahala.

Wajen haɗawa, a fara cire kan batir mai alamar ragewa. A ja wayar wuta daga ɗaya kan, a sa fis ɗin bai wuce santimita 45 daga batir ba, domin waya yake karewa: in ta goge ta taɓa bodi, shi zai ƙone, ba mota ba. Wayar GND ta zama gajera mai kauri ɗaya da ta wuta, a kankare fenti har ƙarfe ya fito kafin a ɗaure. Siririyar wayar REM ta tafi rediyo. Wayoyin RCA kuwa a bi da su ta ɗaya gefen motar, in ba haka ba za a ji wani kuka yana tashi duk lokacin da aka taka totur.

Makunnin GAIN ba na ƙara murya ba ne. A kai muryar rediyo kashi uku cikin huɗu, a riƙa murɗa makunnin a hankali, da zarar sauti ya fara dishewa a koma baya kaɗan. Wanda ya murɗe shi har ƙarshe, sifikarsa ce za ta ƙone.