Amsoshin Tambayoyinku: In akwai kwado a kan imel, wa ke iya karanta shi?

Tambaya: Ina aika wa lauyana takardun fili ta Gmail. An ce mini saƙon a kulle yake tafiya, har na ga alamar kwado a saman shafin. Shin kamfanin kansa ba ya iya ganin abin da na rubuta ke nan? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, kwadon gaskiya ne, sai dai hanya ya kulle, bai kulle wasiƙar ba. Kamfanin yana iya karantawa.

Ka ɗauka wasiƙa ka kai tasha ba ambulan. Direba ya saka ta a akwatin ƙarfe ya datse, babu mai leƙawa a hanya. Amma da ya isa tasha ta gaba sai a buɗe akwatin, a fito da ita, a sake kullewa a wata motar. Wannan shi ne TLS. Saƙonka zango uku yake yi: daga wayarka zuwa kwamfutocin Google, daga can zuwa na kamfanin da lauyanka ke amfani da shi, sannan zuwa wayarsa. Kowane zango da kwadonsa, kuma a tashoshin nan biyu saƙon a buɗe yake ga mai tashar. Ko da sun kulle shi a ma'ajiyarsu, makullin yana hannunsu. Da haka ne suke tace saƙonnin banza da na damfara. Google ta sanar a 2017 cewa ta daina duba wasiƙu domin zaɓen talla, amma daina yi daban, rashin iyawa daban.

Zangon tsakiya ne mafi rauni. Tsarin aika imel, SMTP, ya fito a 1982 ba kulli ko kaɗan. Daga baya aka liƙa masa STARTTLS, inda kwamfuta ke tambayar 'yar'uwarta ko ta iya kullewa. In ta ce a'a, yawanci sai a aika saƙon haka nan tsirara. Za ka iya dubawa da kanka. Buɗe amsar lauyan a Gmail ta kwamfuta, ka danna `Show original`, ka nemi layi irin wannan:

```
Received: from mail.example.org
  by mx.google.com with ESMTPS
  (version=TLS1_3 ...)
```

Harafin `S` na ƙarshen `ESMTPS` yana nuna an kulle wannan zangon. In `ESMTP` ko `SMTP` kawai ka gani, a fili ya wuce.

Akwai kuma wani kullin, na daga hannu zuwa hannu, wanda a wayarka ake yin sa kafin saƙon ya fita. Lauya yana da makulli biyu: na fili da yake raba wa kowa, da na sirri da ba ya barin na'urarsa. Kai ka kulle da na filin, na sirrin kaɗai ke buɗewa. Haka PGP, wanda Phil Zimmermann ya fitar a 1991, da S/MIME suke aiki. A nan masu tasha akwati kawai suke miƙawa, ba su san abin da ke ciki ba.

To amma akwati ba ya tafiya sai da adireshi a bayansa. Kamfani yana ganin wanda ya aika, da wanda aka aika wa, da lokaci, da girman saƙon, da adireshin IP ɗin da ka shigo da shi. A PGP na yau da kullum kan wasiƙar ma, gurbin `Subject`, ba a kulle shi. In ka rubuta "Rikicin filin gado" a wurin, ai ka gama tona rabin zancen. A 2021 Proton Mail na ƙasar Suwizalan, mai amfani da irin wannan kullin, ya miƙa adireshin IP na wani ɗan fafutuka a Faransa bisa umarnin hukumomin Suwizalan. Abin da ke cikin wasiƙunsa bai buɗu ba, amma an samu sawunsa.

Kada kuma ka ce komawa Proton kai kaɗai ya isa. In lauyan yana Gmail, wasiƙarka za ta sauka a akwatinsa a buɗe, sai fa in ka sa mata kalmar sirri. Kulli irin wannan sai ɓangare biyu sun yarda.

Ga gwajin da ni nake yi wa kowane kamfani: in ka manta kalmar sirrinka, aka turo lamba ta waya ka sauya, ka tarar da tsofaffin wasiƙunka duka suna karantuwa, to makullin yana wurinsu.

Game da takardun filin, shawarata mai sauƙi ce. Ka haɗa su a fayil ɗin 7-Zip mai kullin AES-256, ka sa kalmar sirri doguwa, ka bar kan wasiƙar da "Takardu" kawai. Kalmar sirrin kuma ka faɗa wa lauya baki da baki, kada ka bi ta imel ɗin da ita.